Fim ɗaya, allo uku: saitin da za ka sa wa kyamara kafin ka fita lokeshan

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bayan sallah za mu fara ɗaukar fim mai dogon zango, kashi 13, kowane kashi minti 40. A YouTube za mu sa shi, amma muna fatan wata tasha ta saya, kuma furodusa yana so a haska kashi na ɗaya da na biyu a sinima. Za mu kuma riƙa yankar gutsattsari don TikTok. Sony A7 III gare mu, da iPhone ɗaya, sai ɗan jirgin ɗaukar hoto da muke haya. Mai kyamara ya ce firam 24, edita ya ce 30, wani kuma ya ce 4K a kan 60 sannan a sa baƙin layi sama da ƙasa. Maganar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa a fara a sa'a.

Ka ɗauka a kan firam 25, wato hotuna 25 a sakan ɗaya, girman hoto 3840×2160, siffa 16:9, kuma ba baƙin layi. Kyamara da waya da jirgi duk su zauna a kan 25 ɗin nan tun ranar farko. A kan firam zan fi daɗewa, domin girman hoto ana rage shi daga baya, siffa ma ana yanke ta idan an bar mata wuri, amma firam in an ɗauka an ɗauka.

Mu fara da wutar lantarki, don ita ce tushen lissafin. Wutar ƙasar nan tana juyawa sau 50 a sakan, abin da kake gani an rubuta 50Hz a bayan caja. Kowane juyi yana sa fitila ta yi haske ta dushe sau biyu, wato sau 100 a sakan. Idonka ba ya kama wannan, kyamara tana kamawa. Idan shata, wato tsawon lokacin da kyamara take buɗe ido don ɗaukar kowane firam, tana kan 1/50 na sakan, kowane firam zai kwashi kiftawa biyu cif, duk firam ɗin su fito da haske iri ɗaya. A 1/100 kiftawa ɗaya ce cif, shi ma lafiya lau. Amma mai ɗauka a firam 30 yawanci shatarsa 1/60 ce, ita kuwa kiftawa ɗaya da biyu bisa uku take kwasa. Wannan ɓarin shi ne yake fitowa a matsayin faffaɗan layi mai duhu-duhu yana gangarowa a bangon falo, ko fuskar jaruma tana haske tana dushewa alhali ba wanda ya taɓa fitila. Firam 30 da 60 an yi su ne don ƙasashen da wutarsu take 60Hz, irin Amurka. Wayoyi suna zuwa a saite a kan 30 daga kamfani, shi ya sa editanka ya saba da shi. Talabijin ɗinmu kuwa tun asali a kan tsarin PAL take, firam 25, kuma har faifan bidiyo na da da ake saye a Ƙofar Wambai a kan 25 ɗin yake, da ɗan girmansa na 352×288.

Janareta yana ƙara dagula lissafin. Ƙaramin inji sai ya juya sau 3000 a minti kafin ya ba da 50Hz daidai. Da an kunna firji ko an jona dutsen guga sai gudunsa ya sauka, a kashe ya hau. A irin wannan yanayi ko 1/50 ba ta tsare ka gaba ɗaya. Don haka duk ɗakin da kuka shiga, kafin jarumai su zauna, a juya kyamara ga farin bango a ɗauki sakan goma, sannan a ja hoton da sauri gaba da baya a allon kyamarar. A gudu na ƙa'ida layin yana iya ɓuya, amma da an ja da sauri sai ka ga yana tafiya. In ya bayyana, a kashe ƙwayayen gidan, musamman farare masu araha da dogayen kwalabe, a haska da fitilun fim masu batir. Kada ka yarda da "edita zai gyara". Akwai manhajar cire kiftawa, tana taimakawa a bango, amma a kan fuska mai motsi sau da yawa tana barin tabo.

Mai kyamararka bai yi shirme ba da ya ce 24. Shi ne gudun sinima tun ƙarshen shekarun 1920 da fim ya fara magana, kuma idan aka bar shata a 1/50 kiftawa ba za ta dame shi ba. Abin da zai dame ka a gaba yake. Na ɗaya, abin da kyamararku take kira 24p a zahiri 23.976 ne, kuma sai ka mayar da ita tsarin NTSC na ƙasashen 60Hz kafin ka same shi. Tsakanin 23.976 da 24 cif akwai sakan 3.6 a kowace awa, wanda ya isa ya raba baki da murya in aka yi sakaci wajen haɗa sauti. Na biyu, tashar talabijin 25 take watsawa. Fim ɗin 24 sai an ƙara masa gudu da kusan kashi 4 cikin ɗari kafin ya zauna mata, minti 40 ɗinka ya koma minti 38 da sakan 24, muryoyi su ɗan sirance sai an bi su an gyara. In kuwa ka ɗauka a 25, wannan wahala tana komawa ɓangaren sinima, kuma ma wataƙila ba za ta taso ba. To ka auna: kashi 13 na talabijin, ko dare ɗaya na sinima? Wanne ya kamata ya ɗauki nauyin juyin? Maganar cewa 24 ya fi kama da fim, ni dai ban taɓa ganin wanda aka nuna wa 24 da 25 a jere ya ware su da ido ba. Kamannin fim daga haske yake zuwa, da gilashin kyamara, da shatar da aka bari a 1/50.

Tunda na ambaci shata: ranar Kano ba ta da wasa. A waje da tsakar rana, in ba ka da gilashin ND mai rage haske a gaban kyamara, dole ta gudu zuwa 1/2000 ko sama don kada hoto ya ƙone. Sai motsi ya fito a tsinke, hannun mai magana yana tsalle maimakon ya zarce. Mutane da yawa in sun ga haka sai su ɗora wa firam laifi, su ce a koma 60. Ba firam ba ne. A sayi ND, a mayar da shata 1/50.

Shi 60 ɗin, ko ɗan'uwansa 50 wanda ya dace da wutarmu, yana da wurinsa: ƙwallo, hawan sallah, duk abin da ake so a ji kamar yanzu yake faruwa. A wasan kwaikwayo kuwa yana tona asirin lokeshan, mai kallo ya ji kamar yana tsaye bayan mai kyamara. Kowane firam kuma rabin haske yake samu, ga fayil ya ƙara nauyi. Kyamararku ma ba ta yin 4K a kan 60, iyakarta 30. Inda za ka buƙaci firam mai yawa shi ne fitowar da za a sassauta gudunta, kamar amarya tana shigowa ko kofi yana faɗuwa. Nan ka ɗauka a 50 ko 100 a girman 1920×1080. Idan aka shimfiɗa 50 a kan 25 gudu ya koma rabi cif, 100 kuma rubu'i, ba firam ɗin da aka jefar ko aka maimaita. Sittin ba ya rabuwa da 25 daidai.

Akwai wuri ɗaya da editanka yake da gaskiya. Allon wayoyi da yawa yana sabunta hoto sau 60 a sakan, kuma 30 yana shiga 60 sau biyu cif, 25 kuwa ba ya shiga daidai. Sai wayar ta riƙe wani firam sau biyu, wani sau uku. A zaune ana magana ba mai lura. A inda kyamara take sharar gefe da sauri, misali ta bi ɗan adaidaita sahu a titin Gidan Zu, za ka ga ɗan tsalle-tsalle a jikin gine-gine. Maganinsa tsoho ne a wajen masu ɗaukar hoto: in za ka juya kyamara, ka bar abu ya ɗauki kamar sakan bakwai kafin ya ratsa daga wannan gefen allo zuwa wancan. Da a ce barkwanci kake yi na TikTok zalla, a tsakar gida da rana, da na ce ka bar wayar a 30 ka yi abinka. Naka aikin yana da talabijin a gaba.

Ga yadda za ka jera na'urorin. A Sony ka shiga `NTSC/PAL Selector` ka zaɓi PAL, sannan `XAVC S 4K` da `25p 100M`. Ka kwashe abin da ke kan kati kafin ka taɓa wannan saiti, don kyamarar tana iya neman a goge katin. Wata riba kuma: a 25 tana ɗaukar 4K da cikakken faɗin idonta, a 30 kuwa tana ɗan matse hoton, abin da za ka ji a jikinka a ƙunƙuntaccen ɗaki. A iPhone ka bi `Settings > Camera > Record Video` ka kunna `Show PAL Formats`, sai 25 ya fito a jerin. Ka kashe `Auto FPS`, domin shi ne yake sauke firam da kansa in haske ya yi ƙasa, ka kashe `HDR Video` don launin wayar ya yi kusa da na kyamara. Mai jirgi kuma ka tsaya a kansa ka ga 25 da idonka kafin ya tashi. Yawancinsu a 30 suke barinsa, kuma shi ne hoton da ake buɗe fim da shi.

Ko da ka saita waya a 25, tana da wata ɗabi'a: ba ta riƙe gudu ɗaya daram, takan ɗan yi sama da ƙasa. Idan sautinka a na'ura dabam ake ɗauka, za ka daidaita tafi a farkon fitowa, bayan minti huɗu ko biyar ka ga baki ya riga murya. Kafin edita ya taɓa fayil ɗin waya, a buɗe shi a manhajar MediaInfo a duba `Frame rate mode`. In an ga `Variable`, a wuce da shi ta manhajar HandBrake, a zaɓi 25 da `Constant Framerate`. Mai son rubuta umarni ga shi:

```
ffprobe -v error -select_streams v:0 \
 -show_entries stream=width,height,r_frame_rate,avg_frame_rate fayil.mov
```

In lambobin firam biyun da ya fitar sun saɓa da juna, fayil ɗin yana buƙatar gyara.

Edita shi ma ya buɗe aikin a kan 25 kafin ya jawo ko fayil ɗaya. A manhajar editin ta DaVinci Resolve, da zarar an kafa `Timeline` ba a canza masa firam, sai dai a buɗe sabo a sake jera aiki. Sau da yawa fayil na farko da ake jawowa hoton jirgi ne, manhajar ta tambaya ko ta bi saitinsa, edita ya danna e ba tare da ya karanta ba, shi ke nan kashi guda ya tafi a 30.

To idan hoton 30 ya riga ya shigo hannu fa? Ya danganta da abin da ke ciki. In ba magana, misali jirgi yana shawagi a kan gadar Ƙofar Nassarawa ko Dutsen Dala, abin da sauƙi: a Resolve ta `Clip Attributes`, a Premiere ta `Interpret Footage`, a ce wa manhajar ta karanta shi a matsayin 25. Kowane firam zai fito, gudu ne kawai zai sauka zuwa kashi 83 cikin ɗari, kuma hoton sama yana ma fin kyau a haka. In da magana a ciki ba za ka iya rage gudu ba. Ko dai manhajar ta jefar da firam ɗaya cikin kowane shida, ka riƙa ganin ɗan tsalle sau biyar a sakan, ko ka kunna `Optical Flow` ta ƙirƙiro firam na tsakiya. Wannan na biyun yana aiki a fuskar da ba ta motsi sosai, amma ka zuba ido a kan fankar sama, da yatsun mai bayani, da aikin wuyan babbar riga. Nan za ka ga hoto yana narkewa. In fitowar mai muhimmanci ce, sake ɗauka ya fi araha.

Yanzu girman hoto. Ba don mai kallo na ce ka ɗauki 4K ba. Wanda yake kallonka a waya, da data yake kallo, kuma in ka leƙa wayar mai shago ko ta uwargida za ka tarar an sauke hoton zuwa 360p ko 480p don kada data ta ƙare kafin kashi ya ƙare. Wanda ke falo da talabijin inci 43, yana zaune mita uku ko huɗu daga allo, idonsa ba zai bambance 4K da 1080 ba. Sinima ma, manyan fina-finai da yawa a 2K aka kammala su, faɗin fiksel 2048, wanda da kaɗan ya ɗara 1920. Amfanin 4K naka ne kai da edita, don ku sami abin yanka. Kamar tela ne: in yadi ya yi yawa a rage, in ya gaza ba dabara.

Ga lissafin. Hoton tsaye na TikTok 1080×1920 ne. Idan ka yanko shi daga tsakiyar hoton 3840×2160, za ka sami 1215×2160, ya fi abin da ake buƙata, sai a rage shi ya fito tas. Idan daga 1920×1080 ka yanko, 608×1080 kawai za ka samu, sai an buɗa shi kusan ninki biyu, fuska ta fito dishi-dishi. Haka nan a cikin fim ɗin kansa: tunda a 1080 za ka fitar, edita yana iya matso da hoton 4K har ninki biyu, ɗaukar rabin jiki ta zama ɗaukar fuska, ko ya kawar da makirufon da ya leƙo daga sama.

Kuɗinsa a faifan ajiya yake. A `100M` kyamarar tana cin megabait 750 a minti, gigabait 45 a awa. Mu ɗauka kowane kashi na minti 40 sai kun ɗauki awa huɗu, gigabait 180 ke nan. Kashi 13 ya kai kusan terabait biyu da rabi, kuma wajibi ne a ajiye a wuri biyu, don faifai ɗaya ba ajiya ba ce. Ka gaya wa furodusa wannan tun yanzu, ba ranar da kati ya cika a lokeshan ba. In kwamfutar edita tana numfashi da ƙyar, ya yi ƙananan kwafi masu sauƙi ya yi editin da su, a ƙarshe manhajar ta koma kan na asali. In kuma aljihu ya ƙi, ka ɗauki 1080 mai tsabta da haske mai kyau, ka ware 4K ga fitowar da ka san za a yanka don talla. Wannan ya fi 4K mai duhu da tsaki-tsaki, domin tsakin duhu shi ne abin da YouTube da WhatsApp suke fara lalatawa in sun matse fayil.

Wajen ɗorawa, 1920×1080 a kan megabit 8 a sakan shi ne abin da YouTube da kansu suke ba da shawara ga firam 25. Megabait 60 ke nan a minti, kashi guda ya kama gigabait 2.4. In ka ce 4K za ka ɗora, shawararsu 35 zuwa 45 ce, kashi ɗaya ya doshi gigabait 12. Ka san yadda sabis yake yi da dare.

Sai siffa, da baƙin layin nan da abokinka yake so. Siffar da yake kwaikwayo ita ce 2.39:1, ta faffaɗan allon sinima. A cikin 1920×1080 hotonka zai koma 1920×804, ka zubar da layi 138 a sama, 138 a ƙasa, wato rubu'in allo ya tafi a baƙi. A talabijin wannan da sauƙi. Amma ka tuna yarinyar da take kallo a waya tana riƙe da ita a tsaye, ba ta ma juya ta ba. Faɗin allonta 1080 ne, hotonka zai zama ɗan siririn zare mai tsayin 452 cikin 1920, bai kai rubu'in allon ba. Fuskar jarumi ba za ta fi kan babban yatsa ba. Ga shi fim ɗinku na cikin gida ne, mutum biyu ko uku a falo, magana da fuska. Faffaɗar siffa tana son fili, dawaki, kasuwa. A ɗaki za ta cika maka gefe da labule da kabad, ta yanke maka hula da ɗaurin ɗankwali. Kuma in ka ƙone baƙin layin a jikin fayil, ba ya fita.

A 16:9 ɗin ma sai ka yi tanadi. Yankan tsaye bai kai kashi ɗaya cikin uku na faɗin hoto ba. Ka ɗauki fitowar da Alhaji yake kujerar dama, Hajiya tana ta hagu, suna sa-in-sa. Da an yanko tsakiya, abin da zai fito a TikTok shi ne agogon bango da tebur, muryoyi suna tashi ba kowa. Kada ka ce za ka cusa kowa a tsakiya a duk fim ɗin don gudun haka, za ka ɓata hoton talabijin saboda talla. Tun a takarda ka zaɓi fitowa biyu ko uku a kowane kashi waɗanda za su zama gutsattsari. A waɗannan ka tabbata kowane mai magana yana da ɗaukarsa shi kaɗai, da ɗan sarari a saman kai. Ka manna siririn tef biyu a allon dubawa su nuna maka iyakar yankan. In fitowar ta isa, bayan an gama a kwantar da kyamara a gefenta a sake ɗauka sau ɗaya a tsaye, minti biyar ne. Wajen sa rubutu kuma a guji ƙasan hoton da gefen dama, nan manhajar take jera sunanka da maɓallanta.

Talabijin tana da nata gefen da ake kiyayewa. Duk rubutu, sunayen 'yan wasa da fassarar Turanci, ya nisanci baki da kashi 5 cikin ɗari ta kowane gefe. A 1920×1080 fiksel 96 ke nan dama da hagu, 54 sama da ƙasa. Tasha za ta ɗora tambarinta a kusurwa, wani lokaci da rubutu mai gudu a ƙasa, wasu akwatunan kuma suna cinye bakin hoto. Ka fitar da kwafi guda wanda ba rubutu ko kaɗan a jikinsa ka adana, ranar da wata tasha ta ce a canza fassara za ka gode wa kanka. Kafin ka kai musu komai, ka nemi takardar ƙa'idojinsu, domin kowace tasha da irin fayil ɗin da take karɓa. In ka ga sun rubuta `1080i50` kada gabanka ya faɗi, kuma kada ka canza yadda kake ɗauka. Hoton 25 yana shiga wannan tsari ba tare da an taɓa gudunsa ba, wajen fitarwa ne kawai ake zaɓa. Sai dai wannan kwafin na tasha ne kaɗai. Na YouTube a fitar da shi dabam a `Progressive`. Alamar an yi kuskure a nan ita ce ka ga gefen hannu ko mota mai tafiya ya yi haƙora-haƙora a waya.

Daren sinima kuma, tambaya biyu za ka yi wa mai kula da na'urar haskawa, shi kansa ba manaja ba: da me za a kunna fim ɗin, kuma na'urarsu tana karɓar 25?

In DCP suke so, wato kunshin fayil ɗin da na'urar sinima take karantawa, akwai tsari biyu. Tsohon, `Interop`, 24 ya sani. Sabon, `SMPTE`, yana ɗaukar 25, kuma manhajar DCP-o-matic kyauta ce, tana yin duka biyun. In sun karɓi 25, ba abin da za ka taɓa. In sun ce sai 24, a sassauta fim ɗin gaba ɗaya, firam bayan firam, kada a bar manhaja ta riƙa jefar da ɗaya a kowane sakan. Kashi biyunka minti 80 ne, za su koma minti 83 da sakan 20. Sauti ma a ja shi daidai da haka, sannan a mayar da kaifin murya inda yake, in ba haka ba kowa zai ɗan yi kauri. A magana ba lallai a lura ba, a waƙa mawaƙin zai lura tun baitin farko.

Siffar da za ka zaɓa ita ce `Flat`, 1998×1080, wato 1.85:1, wadda take dab da 16:9. Ko ka bar hotonka yadda yake da ɗan baƙi na fiksel 39 dama da hagu, wanda ba mai gani a duhu, ko ka cika faɗin ka yanke layi 22 sama da 22 ƙasa. Tunda daga 4K kake saukowa, ba abin da zai dushe. Ɗaya siffar, `Scope`, 2048×858 ce. A nan ne mai ƙonannen baƙin layi yake shan kunya: fayil ɗinsa 16:9 ne a wajen na'ura, sai ta ɗora shi a tsakiyar faffaɗan allo da baƙi dama da hagu, ga nasa baƙin sama da ƙasa, fim ya koma ɗan akwati a tsakiyar bango.

In kuwa da kwamfuta za a jona ta HDMI, kamar yadda ake yi a ɗakunan taro da yawa, ka shiga saitin allon kwamfutar ka mayar da shi 50Hz. A 60 za ta bar shi in ba ka taɓa ba, kuma tsallen da ba ya damun kowa a waya, a allo mai faɗin bango kowa zai gan shi. Ka roƙi a ba ka rabin awa da safe kwana biyu kafin ranar, ka tafi da minti biyar na fim ɗin: fitowa ɗaya ta dare, ɗaya mai juya kyamara, ɗaya mai rubutun fassara. Ka zauna a layin gaba ka duba ko fuska ta yi kaifi, domin kuskuren saitin ido da waya take ɓoyewa nan yake fitowa, sannan ka koma layin ƙarshe ka ga ko rubutun yana karantuwa kuma bai faɗa ƙasan allo ba.